Fila ta tsakiya: yadda Injiniya ya hana a zuba kankare saboda tazarar rodi

Ginin bene ne mai hawa biyu a tsallaken kogin Kaduna, ta wajen Millennium City. Ni yaron ayan benda ne a wurin. Daga Rigasa nake tasowa bayan asuba, aikina kuwa yankan wayar ɗauri, lanƙwasa ringi a benci, wato siririn ƙarfen da ke zagaye rodi ya riƙe su, da miƙa wa ogana abin da ya nema idan yana saman tsani. An riga an zuba dekin na farko ya bushe, muka hau kansa muka ɗaura rodin ginshiƙan da za su ɗauki dekin na biyu.

Yawancin ginshiƙan iri ɗaya ne: faɗin milimita 230 ta kowane ɓangare, abin da muke kira inci tara, kowanne da rodi huɗu 'yan 16, wato masu kaurin milimita 16, a kusurwoyi. Guda ɗaya ne ya fita daban, wanda ke tsakiyar babban falo inda bim biyu za su gitta a kansa. Girmansa ɗaya da sauran, amma a zanen gini an rubuta masa 8Y16, wato rodi takwas, huɗu a kusurwa, huɗu a tsakiyar kowace fuska. Ringinsa 'yan 8 ne, ana son tazarar milimita 150 tsakaninsu, sai a ƙasa wurin haɗin sabon rodi da tsoho inda aka rubuta 100.

Injiniya ya bar saƙo tun farkon mako cewa kowace fila a rufe mata fuska uku da katako, a bar ta huɗu a buɗe har ya zo ya gani. Fomen bai bi wannan ba. An ɗauko hayar mikisa na yini guda, an kira gungun masu zuba kankare waɗanda ake biya da lissafin buhu, an cika tankin ruwa, tifa ta sauke yashi da tsakuwa. Sai ya ce wa Baba kafinta ya rufe duka, in Injiniya ya zo ya leƙa ta sama. Lokacin da motar Injiniya ta tsaya, wajen ƙarfe tara, har an fara jera buhunan siminti kusa da mikisa.

Bai yi faɗa ba da ya ga akwatunan a rufe. Ya gaisa da kowa, ya tambayi Baba jikin iyali, ya karɓi tsani ya fara bin ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya yana haska ciki da tocilar wayarsa. Ni aka ce in riƙe masa tsani. Masu rodi huɗu bai daɗe a kansu ba, ko da yake biyu daga ciki ya sa an buɗe an saka musu biskit, guntayen simintin da ke hana ƙarfe jingina da katako. Da ya hau na tsakiya sai ya yi shiru. Ya juya tocilar nan, ya juya can, ya sauko ya ce, "Baba, don Allah a cire mini fuskar nan ta gabas."

Fomen ya matso. "Injiniya, rana tana yi. Mutanen nan tun bakwai suke zaune."

"Na gan su. A buɗe."

Baba ya sassauta maɗauran, ya ɓamɓare allon. Daga ƙugu zuwa sama rodin ya yi kyau a ido. Daga nan zuwa ƙasa ne abin yake. A nan ne sababbin rodin suka haɗu da waɗanda aka bari tsaye daga hawan ƙasa, waɗanda muke kira sitata. Rodi ba ya tafiya daga tushe zuwa rufi a miƙe guda, kowane hawa sai an haɗa sabo da tsoho, su jeru tare na wani tsayi don nauyi ya wuce daga wannan zuwa wancan ta cikin kankare. A zanenmu tsayin haɗin ninki 50 ne na kaurin rodi, wato milimita 800. To a cikin wannan 800 ɗin, rodi takwas sun zama goma sha shida. Ogana ya ɗaura kowane sabo a gefen sitatarsa, kafaɗa da kafaɗa a jikin ringi, yadda ya yi wa sauran ginshiƙan. Fuskar da ya kamata a ga rodi uku, sai ga shida.

Injiniya ya waiwayo gare ni. "Ƙanena, je ka ɗauko mini tsakuwa ɗaya daga tarin can. Kar ka zaɓa, duk wadda hannunka ya kai." Na kawo. Tsakuwar tirikwata ce, mai milimita 20. Ya nuna mini tsakanin rodin kusurwa da na tsakiya, ya ce in tura ta ciki. Na tura, ta ƙi. Na juya ta ta siririn gefe, ta shiga kaɗan ta maƙale. Ya ce in saki hannuna, ta tsaya cak a tsakanin ƙarfe biyu, ba ta faɗi ba. Ya sa tef a wurin: milimita 14. A ɗaya gefen rodin tsakiyan kuma 54.

"Wannan fila ba za a zuba ta yau ba," in ji shi. "Sauran ku zuba."

Ogana ya yi shekaru yana wannan sana'a, kuma ba mutum ne mai ha'inci ba. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yallaɓai, ƙirga. Takwas ka rubuta, takwas na sa. Ban rage ko ɗaya ba. Tsayin haɗi ma auna, ya cika. Ƙarfe ya yi yawa kuma ya zama laifi?"

Injiniya ya ɗauki guntun alli daga aljihun Baba, ya tsuguna ya zana murabba'i a jikin allon da aka cire. Lissafin da ya yi mana ba shi da wuya, kuma tun ranar nake yin sa kafin in taɓa kowace fila. Faɗin fila 230. Kankaren da zai rufe ƙarfe ta waje 25 ne hagu, 25 dama, saura 180, shi ne faɗin ringi. Kaurin ringin kansa 8 hagu, 8 dama, saura 164. Wannan 164 ita ce duk filin da rodi da tsakuwa za su raba. Idan rodi uku ne a fuska, sun ci 48, saura 116, a raba biyu, kowace kafa ta sami 58. Tsakuwa za ta wuce a sake. Amma idan aka jera shida bibbiyu, sun ci 96, saura 68, kowace kafa 34. Wannan ma idan komai ya zauna daidai ke nan, kuma ƙarfen gaskiya ya ɗan fi lambarsa kauri saboda ƙurajen jikinsa, ga lanƙwasar ringi tana turo rodin kusurwa ciki. A fuskar gabas sitatar tsakiya ta goce wajen milimita 20 zuwa kusurwa, shi ya sa 34 da 34 suka koma 14 da 54.

Sannan ya faɗi ƙa'idar. Littafin ƙa'idar da aka zana ginin da shi, BS 8110, ya ce kafar da ke tsakanin rodi biyu kada ta gaza girman babbar tsakuwa a ƙara milimita 5, kuma kada ta gaza kaurin rodin in shi ya fi. Da tsakuwar 20, mafi ƙaranci 25 ke nan. Ya dubi ogana ya ce, "Oga, a fila mai rodi huɗu, ko ka jera su gefe da gefe akwai 100 a tsakani, babu wanda zai yi maka magana. Hannunka ya saba da waccan. Wannan takwas ce."

A ganina wannan ce maganar da ta kashe rigimar, domin bai ce masa bai iya aiki ba. Ya nuna masa inda sabo ya daina aiki ne kawai. Ogana ya yi shiru yana kallon allon.

Fomen dai bai haƙura ba, shi lissafin mikisa yake yi. Ya fara kawo dabaru, kuma duk dabarun da ya kawo na sha ganin ana yin su a wasu wuraren. Da farko ya ce a ƙara wa kwaɓin ruwa ya yi ruwa-ruwa, zai bi ko'ina. Injiniya ya ce ruwa zai bi, siminti da yashi za su bi, tsakuwa ba za ta bi ba, don ruwa ba ya rage mata girma. Rodin za su zama rariya: su tace ruwan siminti ya wuce, tsakuwa ta taru a baya ta toshe hanya, abin da ke ƙarƙashinta ya zama kogo. Ga shi kuma duk ruwan da ya wuce kima ƙarfin kankare yake ragewa, a filar da ta fi kowace ɗaukar kaya. Fomen ya ce to a kawo ƙaramar tsakuwa, hafinci. Injiniya ya ce hafinci wajen 12 ce, a ƙara 5 ya zama 17, har yanzu 14 ba ta kai ba, ko kaurin rodin ma ba ta kai ba. Wani daga cikin masu zuba kankare ya ce ai za su bubbuga akwatin da guduma sosai, ga foka, injin girgiza kankare. Injiniya ya ce bugu da foka suna zaunar da kankaren da ya isa wurin ne, ba sa tura dutse ta ƙofar da ta fi shi ƙanƙanta.

Na tambaye shi, a hankali don kar ogana ya ce na cika baki, me zai faru in an zuba a haka. Ya ce washegari in an kwance katako za a ga gindin filar da ramuka, tsakuwa tsirara ba siminti a jikinta, wani wurin har a hango ƙarfe. Birkila zai zo da cokalinsa ya shafe, a yi filasta, a yi fenti, mai gida ya zo ya ga fila sumul. Amma rodi ba ya aiki shi kaɗai. Sai kankare ya kama shi ta ko'ina sannan nauyin da ke kan sabon rodi zai iya wucewa zuwa sitata. Inda babu kankare a tsakani, haɗin 800 ɗin a takarda kawai yake. Kogon kuma ya rage jikin filar a daidai gindinta. Damina in ta zo danshi ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta tsaga kankaren daga ciki. Ba lallai ne gini ya faɗi a shekarar ba, shi ya sa mutane suke ganin an tsira.

Yana cikin magana ya sa tef a tsaye. Ringin ma ba su kai ba. Inda aka ce 100 da 150, akwai 250, wani wurin har kusan 300. Wannan ba laifin sabo ba ne, ƙarancin kaya ne. Rodi ɗan 8 ya ƙare mana ana saura ginshiƙai uku, fomen ya ce a lallaɓa da abin da ke ƙasa, ba zai tura mota Panteka saboda sanda biyu ba. Injiniya ya ce ko da zane bai faɗi komai ba, ƙa'ida ba ta yarda tazarar ringi ta wuce ninki 12 na kaurin rodi ba, a ɗan 16 ke nan 192. Dalili shi ne rodi dogo siriri in aka danne shi daga sama, neman lanƙwashewa waje yake, ringi ne ke riƙe shi. In suka yi nisa da juna sai ya kumburo ta tsakaninsu ya ɓalle kankaren da ya rufe shi. Nan take ya sa aka buɗe sauran biyun da aka ɗaura a ƙarshe, aka ajiye su tare da ta tsakiya.

Alhaji mai ginin ya iso ana cikin wannan, wani ya buga masa waya. Ya saurari fomen, ya saurari Injiniya, ya tambaya, "Yanzu nawa ne asarar?" Injiniya ya ce kankaren filar gaba ɗaya bai wuce na buhun siminti guda ba. Gyara yanzu aikin yini ne da sandar rodi kaɗan. In an zuba ta fito da kogo, sai an tokare, a farfashe da guduma da kurfi, a tsabtace ƙarfe, a sake abin da ake gudu yau, sannan a ƙara kuɗin fasawa. Kuma shi ba zai sa hannu a takardar duba aiki ba. Alhaji ya ce, "A yi yadda ya ce," ya koma motarsa. Aka tada mikisa, masu kwano suka fara hawa da kankaren sauran ginshiƙan, mu kuma muka koma kan tamu.

Abin da ogana ya fara nema shi ne bututu da guduma, zai tanƙwaro sitatar da ta goce ta dawo tsakiya. Injiniya ya hana. Ya ce rodin da gindinsa ke cikin kankare in aka murɗe shi da ƙarfi a wuri guda, yana iya tsagewa a daidai bakin dekin inda ido ba ya gani, kuma kankaren da ke kewaye da shi zai fashe. Gasa shi da wuta ya fi muni, don zafi yana canza ƙarfin ƙarfen. Ya ce a bar ta inda take, gocewar 20 ba ita ce babbar matsalar ba. Idan aka ɗauke sababbin rodin daga layin fuska, sitata uku ne kawai za su rage a jikin ringi, kafofinsu su zama 38 da 78. Duka sun wuce 25.

To ina sababbin za su zauna? A bayan sitata, ta cikin fila. Kowane sabon rodi za a yi masa gwiwa: ƙasansa mai tsayin 800 ya kwanta a bayan sitatarsa, na kusurwa su kalli tsakiyar fila, sannan daga inda sitata ta ƙare ya karkato a hankali ya dawo layin ringi ya miƙe sama. Karkatar ba ta son gaggawa. Ya ce a kowane 10 na tsayi a goce 1 kawai, don haka gocewar kaurin rodi ɗaya tana buƙatar aƙalla 160, mu yi 200 don a samu sauƙi.

Muka kwance duka. Na bi waya ina tsinkewa da filaya, muka zare ringi ta sama, muka sauko da rodi takwas zuwa benci. Ogana ya buga ƙusa biyu a jikin bencin, ɗaya a 800, ɗaya a 1000, don kar mu riƙa aunawa kowane lokaci. Ya lanƙwasa na farko sau biyu, gaba sannan baya, ya kwantar da shi a kan miƙaƙƙen rodi don a ga ko gocewar ta yi daidai da kauri ɗaya. Ta ɗan wuce, ya rage, sannan ya zama samfurin sauran. Aikin nan yana buƙatar hannun da ya saba, in ka matsa da yawa gwiwar ta yi kaifi, in ka sassauta rodin ya dawo ya miƙe. Ni dai riƙe wutsiya nake don kar ya juya, domin in ya juya tsakanin lanƙwasa ta farko da ta biyu, sama da ƙasa ba za su kalli hanya ɗaya ba.

Kafin mu tsayar da su, Injiniya ya sa ni na goge sitata da burushin waya. Busasshen siminti daga ranar dekin ya manne musu, in ka taɓa yana zubowa gari. Na share garin katako da guntayen waya daga gindin filar, na sassaƙe saman ɗan dandamalin kankaren da akwati ke zama a kai har tsakuwa ta fito. Ana haka yaron mota ya dawo daga Panteka da rodi ɗan 8, na zauna na lanƙwasa ringin da suka rage, kowanne 180 da 180 ta waje, bakinsa a lanƙwashe zuwa ciki sosai yadda kankare zai riƙe shi.

Wajen ɗauri akwai tsari. Mun fara zura ringin ƙasa a kan sitata, muka tsayar da rodin kusurwa huɗu, ogana ya ɗauki alli ya yi wa biyu daga cikinsu alama tun daga ƙasa: 100, 100, har aka wuce haɗi da gwiwa, daga nan 150 har sama. Da ido muke sa ringi a da, ko da tafin hannu, shi ya sa tazara take buɗewa in mutum ya gaji. Injiniya ya ce lallai ringi ya faɗa daidai kan kowace lanƙwasar gwiwa, don a nan rodi yake tura gefe. Bakin ringi kuma ba a jera shi a kusurwa ɗaya, wannan gabas, na sama da shi yamma, ana zagayawa. Rodin tsakiyar fuskar gabas muka ɗan karkata gwiwarsa gefe, ya fito daga bayan gocacciyar sitatar ya dawo tsakiya sosai a sama. Kowane bakin waya na lanƙwasa shi ciki, don wanda ya leƙo waje shi ne hanyar tsatsa.

Baba ya fere mini guntun katako mai kaurin 25 daidai, ya huda shi ya sa igiya na rataya a wuya. Da shi na bi kowace kafa a kowace fuska, daga ƙasa zuwa inda haɗi ya ƙare, har da tsakanin rodin da ke baya. Inda ya shiga an wuce, inda ya cije a sassauta waya a gyara. A kusurwar da sitata ta goce, da ƙyar ya shiga tsakanin na baya biyu, amma ya shiga. Sai biskit, waɗanda muka zuba da siminti da yashi tun makon da ya wuce da waya a cikinsu, muka ɗaure su a jikin ringi ta fuska huɗu, ƙasa da tsakiya da sama. Fomen ya taɓa cewa a cusa tsakuwa ko guntun katako, amma tsakuwa tana zamewa da zarar kankare ya faɗo, katako kuma yana shan ruwa ya ruɓe.

La'asar sakaliya muka gama duka ukun. Mikisa ya riga ya tafi. Injiniya ya dawo da safe, ya auna kafa, ya auna ringi, ya auna haɗi, ya girgiza kejin da hannu ya ga bai motsa ba. Ya leƙa ta sama ya ga ramin tsakiya a buɗe, kusan 100 tsakanin rodin da ke fuskantar juna, foka zai sauka har ƙasa. Ya ɗauki hoto, ya sa hannu a takarda, sannan ya ce Baba ya rufe. Baba ya bar taga a tsakiyar tsayin allon, don kankare in ya faɗo daga kusan mita uku ta cikin ƙarfe, tsakuwa tana rabuwa da siminti kafin ya kai ƙasa. Ya saki ma'aunin igiya ta fuska biyu, ya tokare.

Da hannu muka kwaɓa, tunda fila uku ba su isa a sake hayar mikisa ba, kuma Injiniya ya tsaya a kan awo, kwano da kwano, siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, sai an juya busasshe ya zama launi ɗaya kafin ruwa ya taɓa shi. Aka jiƙa gindin, aka fara zuba ɗan kwaɓin siminti da yashi, sannan kankare ta taga, kaɗan-kaɗan, kowane zubi bai kai rabin mita ba. Mai foka yana saukar da shi ta tsakiya, ya bar shi daƙiƙa 10 zuwa 15 har kumfa ta daina fitowa, ya zare a hankali, ba ya jingina shi da rodi. Ni ina waje ina ƙwanƙwasa allo da guduma daga ƙasa. Inda ya cika sauti yana fita a toshe, inda da sauran fili yana amsawa kamar fanko. Da aka kai taga Baba ya rufe ta, aka ƙarasa ta sama.

Da aka kwance katako gindin ya fito lafiya, sai 'yan ƙananan ƙofofin iska. Muka naɗe su da buhun algarara, aka ba ni aikin jiƙa su safe da yamma har mako guda, don zafin Kaduna na kafin damina yana shanye ruwan kankare tun bai yi ƙarfi ba.

Sauran magana ita ce yadda sitatar ta goce tun farko. Ranar zuba dekin ne. Rodin suna tsaye ba abin da ya riƙe kansu, masu kwano suna wucewa suna dafawa, mai foka yana jan bututunsa ta tsakaninsu, kankare yana turo su, ya bushe da su a inda ya same su. Don haka kafin dekin na biyu Injiniya ya sa Baba ya yanka falanki murabba'i, ya huda ramuka daidai inda kowane rodi zai fito, aka zura a kan rodin kowace fila, aka ƙara ringi biyu a sama da dekin aka ɗaure tam. Ranar zubi aka cire ni daga ɗaukar kwano, aka ce in riƙa bin ginshiƙan da tef ina duba su tun kankare yana ɗanye, lokacin da hannu kaɗai ya isa ya mayar da rodi wurinsa.

Kuɗin yinin da muka yi muna kwancewa da sake ɗauri kuwa, an ja shi sosai. Fomen ya ce laifin ayan benda ne, ogana ya ce wa ya hana sayo ɗan 8, wa kuma ya sa a rufe akwati kafin a duba. Ɗan kwangila ya raba musu: ya biya kuɗin rodi da na kafinta, aikin hannunmu kuma ya ce rabi zai ba mu. Ogana ya karɓa yana gunaguni, ya cire nawa cikakke ya ba ni.